Kafin ka yi mana alƙawari, karanta dalar jama'armu

A duk taron da na je sai na ji wani ya tashi yana cewa mu ne masu yawa. To, na yarda. Amma yawan su waye, yara ko manya? Akwai wani zane da ke amsa wannan tambayar, ana kiransa dalar yawan jama'a, domin yakan yi kama da dalar gyaɗar Kano ta zamanin da.

Karanta shi ba wuya. Maza na hagu, mata na dama. Kowane layi yana ɗauke da shekaru biyar: na ƙasa 'yan shekara 0 zuwa 4, na bisansa 5 zuwa 9, haka har a kai ga tsofaffi a can ƙololuwa. Tsawon layi shi ne yawan mutanen da ke cikinsa.

Tamu ta Najeriya gindinta faffaɗa ne, samanta kuma tsinini. A cikin mutum 100, kimanin 42 ba su kai shekara 15 ba, kimanin 3 ne kawai suka kai 65. Sauran 55 su ne 'yan shekarun aiki, kuma su ke ɗauke da mutum 45 ɗin nan. Ka tuna a cikin 55 ɗin akwai ɗalibai da marasa aikin yi, sai ka gane dalilin da albashin mutum ɗaya ba ya kai ƙarshen wata.

Mutane da yawa in sun ga saman ya tsuke sai su ce ai mutuwa ce ke kwashe mu da wuri. Mutuwa na da nata kason, amma ba ita kaɗai ba ce. A 1960 duk ƙasar nan ba mu wuce miliyan 45 ko makamancin haka ba. Dattawan yau tun asali ba a haife su da yawa kamar jikokinsu ba. Japan kuwa akasin haka ce: haihuwa ta ragu shekaru da dama, gindi ya tsuke, kuma kusan mutum 3 cikin 10 sun kai shekara 65.

Ga inda nake so mu natsu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a matsakaici mace na haihuwar 'ya'ya 5.3, na baya-bayan nan kuma ya nuna 4.8. Sai wani ya ce shi ke nan, za a samu sauƙin cunkoso a firamare. Ina! Ɗauki misali: mata 100 a kan lissafin 5.3 za su haifi yara 530. In 'yan baya suka taso su 130, ko da sun sauko zuwa 4.8, yara 624 za su haifa. Haihuwar kowace mace ta ragu, amma yaran sun ƙaru, saboda iyayen sun fi yawa. Kuma iyayen nan na gobe an riga an haife su, suna nan a layin 10 zuwa 14.

Sai batun ƙaura. In ka ga dalar wani ƙauye ta lotsa ta hagu tsakanin shekara 20 da 39, alhali ɓangaren mata na nan cike, kar ka yi saurin cewa annoba ce. Cuta ba ta cika zaɓen maza majiya ƙarfi kaɗai ba. Galibi sun tafi cin rani ko neman kuɗi ne, Legas, Abuja ko Fatakwal. A inda suka sauka kuma kumburi za ka gani a daidai wannan wurin. Dubi ta Qatar, ɓangaren maza ya bunƙaso sosai saboda baƙin ma'aikata. Shi ma lokacin ƙirga yana da tasiri: ƙauye ɗaya, da rani siffarsa daban, da damina daban.

Sai dai zanen ba ya fin alƙaluman da aka zuba masa inganci. Rabonmu da ƙidaya tun 2006, wadda aka shirya a 2023 kuma aka ɗage ta. Abin da muke amfani da shi yanzu ƙiyasi ne. Ga kuma halinmu na cewa "ina da kamar arba'in". Shi ya sa in an zana dalar shekara-shekara za ka ga ta yi haƙora a 30, 35 da 40.

Ra'ayina shi ne, duk mai neman kujera, ko na gidanmu ne, mu tambaye shi abu biyu. Yara nawa ne a layin ƙasa na ƙaramar hukumarsa, kuma ajujuwa nawa za su buƙata nan da shekara 6? Sannan ya nuna mana inda mazan da babu su a zanen suka tafi, da abin da ya kore su. In ya kasa amsawa, ya je ya nemo tukuna, muna jiransa.