Kiɗan kyauta ma yana da mai shi

'Yan uwa, duk shekarar da Komadugu ta cika ta batse, kamar yadda ta yi a 2019 da 2022, matasan Diffa ne suke fara nuna wa duniya abin da ya faru tun kafin wata kafar labarai ta iso. Da waya ake ɗaukar gonakin tattasai da ruwa ya shanye daga Shetimari zuwa Geskeru, ana jin ta bakin manomi, a haɗa a ɗora. Sai dai kusan kowa yana ɗora wa hoton nan wani kiɗa mai ban tausayi da ya tsinta, wai don ya ratsa zuciya. Nan ne nake da magana. Kiɗan nan shi ne yake ba wani kamfani da ke wata nahiya ikon toshe bakin manomin Geskeru, alhali bai san ma inda Geskeru take ba.

Ba wani ma'aikaci ne yake zaune yana kallon bidiyonmu ba. Tun 2007 YouTube ke da wata na'ura mai suna Content ID. Kamfanonin kiɗa suna ba ta kayansu, ita kuma tana ɗaukar wa kowane sauti wata alama irin ta zanen yatsa. Duk bidiyon da aka ɗora sai ta gwada shi da abin da ke rumbunta. Facebook ma yana da irin tasa, Rights Manager. In sauti ya dace, mai kiɗan ne ya riga ya zaɓi abin da za a yi: ko a toshe bidiyon, a duniya baki ɗaya ko a wasu ƙasashe, ko a sa masa talla kuɗin su tafi wurinsa, ko a bar shi yana bin lissafin masu kallo kawai. Na'urar ba ta karanta bayanin da ka rubuta a ƙasa. Don haka rubuta "kiɗan nan ba nawa ba ne" bai taɓa ceton kowa ba, haka ma zancen da ake yi a fada cewa in bai kai daƙiƙa talatin ba babu komai. Babu wannan doka a ko'ina.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Wata 'yar uwa ta ɗauki bidiyo na minti biyu da rabi, wayar a tsaye, kamar yadda duk muke yi. Wani dattijo yana bayanin yadda ruwa ya ci masa tattasai ana dab da tsinka, da bashin taki da na man injin ban-ruwa da ke wuyansa. Ta shiga YouTube ta sami wata tasha da ke cewa kiɗanta "No Copyright" ne, ta sauke, ta shimfiɗa shi ƙarƙashin muryar dattijon daga farko har ƙarshe, ta fitar da fayil ɗaya, ta goge sauran don waya ta cika.

Mai waccan tasha wataƙila shi ma tsinto kiɗan ya yi. Ko kuma mawaƙin ya bayar kyauta da gaske, daga baya ya miƙa waƙoƙinsa ga kamfanin rarraba kiɗa, kamfanin ya zuba su cikin Content ID. Shi ya sa bidiyo kan yi wata shida lafiya lau, rana ɗaya a wayi gari da sanarwa a kansa.

A YouTube, tun daga 15 ga Oktoba 2024, bidiyon tsaye da bai wuce minti uku ba ana lissafa shi cikin Shorts. Ƙa'idarsu kuwa ita ce, in irin wannan ya haura minti ɗaya kuma Content ID ta kama wani abu a cikinsa, toshe shi ake yi a ko'ina, ko da mai kiɗan talla kaɗai yake so. Ke nan bidiyon 'yar uwar nan ba wanda zai gani. A Facebook kuma abin da aka fi yi shi ne kashe sautin wurin da kiɗan yake. To kiɗan da muryar dattijon sun riga sun narke wuri ɗaya. Sai ka ga tsoho yana motsa baki, yana nuna gonarsa da hannu, ba a jin ko kalma. Kuma ainihin muryar ta tafi da fayilolin da aka goge.

Yanzu me za ta yi? Da farko ta karanta sanarwar da kyau, don abubuwa biyu ne da mutane ke haɗawa su firgita. Akwai iƙirarin da na'ura ke yi, wanda allo ke kira Content ID claim. Wannan a kan bidiyo ɗaya yake, ba ya ɓata sunan tasha. Akwai kuma copyright strike, wanda ni nake kira jan kati: mai kaya ya shigar da takardar neman a sauke bidiyon bisa doka. Jan kati yana goguwa bayan kwana 90 in an yi ɗan darasin da suke bayarwa, amma in uku suka taru a kan tasha, ana iya rufe ta da duk abin da ke ciki. Ku tuna wasu tasoshinmu su ne kaɗai ma'ajiyar hotunan ambaliya da na 'yan gudun hijira tun daga 2015.

In iƙirarin na'ura ne, cikin YouTube Studio za ta ga sunan kiɗan, da wanda ya ce nasa ne, da daƙiƙar da ya fara da wadda ya ƙare. A nan ana iya yanke wurin, ko a musanya kiɗan, ko a gwada goge kiɗan a bar murya. Na ƙarshen yakan yi aiki in kiɗan yana ƙasa-ƙasa, wani lokaci kuma yakan bar muryar kamar ta mai magana cikin tulu. Akwai kuma hanyar jayayya, Dispute, inda mai iƙirarin ke da kwana 30 ya amsa, in ya yi shiru iƙirarin ya faɗi. Amma jayayya ta mai hujja ce. 'Yar uwar nan ba ta da komai sai sunan wata tasha. In ta nace, mai kiɗan na iya mayar da abin zuwa neman saukewa, iƙirari maras zafi ya koma jan kati.

Akwai abin da ban cika jin ana faɗa ba, kuma ya shafe mu fiye da mai bidiyon girki a wata ƙasa. Wanda ya ci jan kati, in yana son ya kare kansa da takardar da ake kira counter notification, dole ya rubuta cikakken sunansa na gaskiya da adireshinsa da lambar waya, kuma YouTube yana miƙa su ga wanda ya yi ƙarar. Ga mai tashar da ke tona yadda aka raba kayan agaji, a yankin da aka sa wa dokar ta-ɓaci tun Fabrairun 2015, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kada kiɗan ado ya kai ka inda sai ka bayyana ƙofar gidanku ga wanda ba ka sani ba.

Ba ina cewa na'urar tana da gaskiya kullum ba. A 2012 wani kamfani mai suna Rumblefish ya yi iƙirari a kan bidiyon wani mutum da ke tsinkar ganye a daji, alhali ba komai a ciki sai kukan tsuntsaye. A farkon 2018 wani mawaƙi a Ostiraliya, Sebastian Tomczak, ya tarar da iƙirari biyar a kan bidiyonsa na awa goma, wanda ba komai ba ne sai shuuu irin na rediyon da bai kama tasha ba. Tsari ne da aka gina don manyan kamfanoni, ƙaramin mai ɗorawa ne ake bari da aikin wanke kansa. Shi ya sa nake cewa a shiga da takarda a hannu.

Takardar nan ita ce lasisi. Kyauta na nufin ba ka biya ba, ba ta nufin babu sharaɗi. Kiɗan Audio Library da ke cikin YouTube Studio shi ya fi aminci ga YouTube, amma wasu waƙoƙin suna buƙatar a kwafi bayanin mai su a sa ƙarƙashin bidiyo. Sound Collection na Facebook kuwa an ba da izininsa ne don dandalin kamfanin Meta, ba don a kwashe a kai YouTube ba. Haka kiɗan da ke cikin TikTok da CapCut: kasancewarsa cikin manhaja bai ba ka izinin yawo da shi ko'ina ba. Mu kuwa fayil ɗaya muke watsawa a wuri huɗu.

Don kukan iska, tsawa, ko motsin ruwa, akwai Freesound, na wata jami'a a Basalona. Kowane sauti da alamarsa. CC0 na nufin mai shi ya sallama. CC BY na nufin yi amfani, amma faɗi sunan mai shi da na sautin da inda ka samo da irin lasisin. In ka tsallake wannan, izinin ya warware. CC BY-NC ya hana kasuwanci, to in bidiyon na tallar tattasan wata ƙungiyar manoma ne, ko yana ɗauke da talla, bar shi. Ranar da ka sauke, ɗauki hoton allon da ke nuna suna da lasisi, ka kwafi adireshin shafin, ka ajiye su tare da fayil ɗin. Shafi na iya ɓacewa, lasisin CC kuwa ba a janye shi daga wanda ya riga ya karɓa bisa ƙa'ida. Da wannan a hannu, jayayya ta zama layi biyu: ga inda na samo, ga izinin, ga ranar.

Wani zai ce to mu sa namu na gida mana. Madalla, amma a lura. Marigayi Malam Maman Barka ya je bakin tafkin Cadi ya koyi biram wurin Buduma, ya kuma fitar da faifai a waje. Kiɗan biram gadon jama'a ne, amma naɗin da ke cikin faifan yana da masu haƙƙinsa, kuma naɗi ne na'ura ke kamawa. Haka waƙoƙin fina-finan Kano da ke tashi daga lasifikar mai shayi yayin da kake hira da wani a kasuwa: matsa gefe, ko ka roƙi a rage. Mawaƙan ƙasar nan ma suna da haƙƙi, akwai hukumar BNDA da aka kafa don su. Mu da muke ihun a biya manomi guminsa, bai dace mu kwashe na makaɗi ba tare da tambaya ba.

In da 'yar uwar nan za ta sake, ga yadda nake ganin ya fi. Ta adana ainihin hirar a katin waya daban, ta fitar da kwafi biyu, ɗaya babu kiɗa ko kaɗan. In za ta sa kiɗa, ya tsaya a buɗewa da rufewa, kada ya hau kan maganar dattijo, ta yadda ko an kashe sautin wurin, shaidar na nan. Ta fara ɗorawa a ɓoye, a matsayin Private, ta jira binciken Checks ya kammala kafin ta saki, tana sane da cewa wucewar yau ba ta hana iƙirarin gobe. In kuwa tana son algaita ko ganga, ta sami makaɗi a unguwa, ta biya shi, ta naɗa da wayarta, ya faɗa da bakinsa cikin naɗin cewa ya yarda a sa a bidiyo kaza a dandali kaza. Sauran sautin kuma, injin ban-ruwa, kwale-kwale yana tsaga ruwa, buhunan tattasai ana jibgewa a tasha, minti biyar a bakin Komadugu da sassafe, kafin iska ta taso ta cika makirufo, ya ishe ta bidiyo goma.