Sharhi: Daga Ina Ribar Ƙungiyar Gama Kai Take Fitowa?



Tun daga shekarar 1935, lokacin da aka kafa dokar farko ta ƙungiyoyin gama kai a Nijeriya bisa rahoton wani Bature mai suna Strickland, ma'aikata da manoma da 'yan kasuwa suke haɗa taro da sisinsu a asusu guda. Amma har wa yau da yawa daga masu zuba kuɗin ba su tantance tsakanin hannun jari da ajiya ba, balle su san inda ribar ƙarshen shekara take fitowa.

Hannun jari shi ne kuɗin da mutum ya sayi rabonsa na mallakar ƙungiya da shi, ba ya janye shi sai ran da zai fita, kuma idan hasara ta auku a kansa take sauka. Ajiya kuwa, wadda ake zubawa wata-wata ana rubutawa a littafin kowa, amana ce a hannun ƙungiya, kuma da ita ake auna yawan abin da za a ranta wa mutum. Ko da yake wani ya fi wani jari, a zauren taro ƙuri'a ɗaya kowa yake da ita, ƙa'idar da aka gada daga ƙungiyar garin Rochdale ta Ingila, wadda aka kafa a 1844.

Mu ƙaddara tela ne ya shekara yana zuba naira 5,000 kowane wata, har ajiyarsa ta kai 60,000. Bisa al'adar ƙungiyoyi da dama yana iya neman ninki biyu, wato 120,000, muddin 'yan'uwa biyu sun tsaya masa. Hikimar wannan haddi a fili take, domin idan ya gaza biya, ajiyarsa ta toshe rabin bashin, sauran rabin kuma a wuyan waɗanda suka lamunce masa yake. Wasu ƙungiyoyi kuɗin ruwa suke ɗorawa, alhali waɗanda suke kiyaye hukuncin Shari'a sukan bi hanyar murabaha: ƙungiya ta sayi keken ɗinki da 120,000, ya shiga mallakarta tukuna, sa'an nan ta sayar wa tela a 132,000, ya riƙa biyan 11,000 har wata goma sha biyu, ba tare da an ƙara masa ko kwabo ba idan ya yi jinkiri.

To, irin wannan 12,000 da aka samu a kan tela, ita ce ake tarawa ta zama ribar shekara. A ce ta taru ta kai 400,000, aka fitar da 80,000 na takardu da hayar ofis da ladan mai binciken littattafai, saura 320,000. Kafin a raba kome, doka ta wajabta a keɓe aƙalla rubu'i a asusun ko-ta-kwana, wato 80,000. Idan babban taro ya amince a kasa ragowar 240,000 gida biyu, rabin farko a kan hannun jari zai tafi, ta yadda in hannayen dubu ne, kowane hannu ya sami naira 120, tela mai hannu ashirin ya tashi da 2,400. Rabi na biyu gwargwadon cinikin kowa ake mayar da shi, kuma da yake kashi 3 cikin 100 na ribar daga aljihun tela ta fito, sai ya ƙara da 3,600.

Illa mafi muni ita ce shugabanni su lissafa ribar bashin da ba a karɓo ba, su raba ta don a yaba musu, alhali daga ajiyar mutane suka ɗebo. Alamomin wannan cuta ba sa ɓuya ga mai lura: layin masu jiran rance ya yi ta tsawo ko da yake ana zubi kowane wata, taron shekara a yi ta ɗaga shi, abin da ke littafin mutum ya saɓa wa na ma'aji, 'yan kwamiti kuma su ranci mafi tsoka suna tsaya wa juna.

Saboda haka, jama'a, duk wanda ya halarci taron shekara, kafin ya tambayi nawa za a ba shi, ya nemi a karanta rahoton mai bincike, a faɗi adadin bashin da wa'adinsa ya wuce ba a biya ba. Kuma kada ya tsaya wa kowa a kan kuɗin da shi kansa ba zai iya biya ba.