Takardar gwajin ɗan da aka haifa da lalurar Down: 47 ko 46, me ta ce game da ciki na gaba?

A nan Sabo ta Ibadan, kamar sauran wurare, kusan kowa ya san jinotayif ɗinsa, AA ne ko AS, domin ba a cika ɗaura aure ba a tambaya ba. Akwai wani gwajin jini da sunansa ya yi kama da wannan, ana kiransa kariyotayif, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Likitan yara kan nemi a yi shi idan aka haifi jariri jikinsa a sake, idanunsa sun ɗan ɗage sama, yana da wuyar kama nono, ana zargin lalurar Down, wadda mutane kan haɗa ta da wasu lalurori daban su kira su duka galahanga. Iyaye kan karɓo takardar, su ji an ce "e, ita ce", su ninke ta su sa a ƙarƙashin katifa. Ni kuwa a ganina layi ɗaya na lambobin da ke jikinta ya fi wannan "e" ɗin amfani, domin shi ne yake gaya muku ko abin tsautsayi ne na ciki ɗaya, ko kuwa yana iya dawowa.

Jikinmu an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, a cikin kowace kuma akwai wasu zarurruka 46 da ake kira kuromozom, waɗanda suke ɗauke da duk abin da muka gada. Ku ɗauke su tamkar takalma ƙafa 23 a ƙofar masallaci: kowace ƙafa wari ɗaya daga uwa, wari ɗaya daga uba. An ba su lamba daga 1 zuwa 22, ta ƙarshe kuma ita ce ta jinsi, XX ga mace, XY ga namiji. A ɗakin gwaji ana ɗibar jini, a raini fararen ƙwayoyinsa kamar kwana uku, sannan a zuba musu wani magani ɗan gidan kolcisin, wanda mu masu harhaɗa magunguna muka sani a matsayin maganin wani irin ciwon gaɓɓai. Shi ne yake tsayar da su cak a tsakiyar rabuwa, lokacin da zarurrukan suka fi fitowa fili. Sai a rina su da irin rinin da ake duba ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da shi, a jera su, a ƙirga. Lafiyayyar takarda za ta ce 46,XX ko 46,XY.

Idan takardar ta ce 47,XX,+21, ma'anarta yarinya ce mai zare 47, kuma rarar tana kan lamba 21: wari uku maimakon biyu. Wannan shi ake kira tirisomi. A 1959 aka gano shi a birnin Paris, kusan shekara ɗari bayan likita John Langdon Down ya siffanta irin waɗannan yara a 1866. Ba kuma ciwon Turawa ba ne kamar yadda aka taɓa zato. A nan Ibadan, likitan yara A. A. Adeyokunnu ya wallafa bincike a 1982 wanda ya nuna jariri ɗaya cikin 865 da aka haifa a asibiti yana da lalurar. Cikin masu lalurar 386 da aka yi wa gwajin, 369 irin wannan tirisomin ne, tara kacal ne suke da ɗaya nau'in da zan zo kansa.

To daga ina wari na uku yake fitowa? Ƙwan mace da ƙwayar maniyyin namiji dole kowanne ya ɗauko zare 23 kacal, don idan sun haɗu su ba da 46. Rabon da yake rage 46 zuwa 23 sunansa mayosis, kuma sau biyu ake yin sa. Da farko kowane zare yana kwafar kansa, kwafin biyu su zauna a manne. A rabo na farko, warin da mutum ya gada daga uwarsa da wanda ya gada daga ubansa suna tsayawa kafaɗa da kafaɗa, su sarƙe, sannan a ja ɗaya gabas ɗaya yamma. A rabo na biyu kuma kwafin nan biyu da ke manne su ne suke rabuwa. Idan a ɗaya daga cikin rabon nan biyu lamba 21 ta ƙi rabuwa, duka biyun suka bi hanya guda, sai ƙwai ya fito da zare 24. Maniyyi ya kawo nasa 23, lissafi ya tashi 47. Da ƙwan ya fito babu lamba 21 ko ɗaya, cikin ba zai zauna ba, zai zube tun da wuri.

Kusan tara cikin goma na irin wannan kuskure a ƙwan uwa yake faruwa, galibi a rabo na farko, kuma dalilin yana da ban mamaki. Namiji kullum sabon maniyyi yake yi. Mace kuwa tun tana cikin mahaifiyarta ƙwayayenta suka fara rabo na farko, suka tsaya a tsakiya, ba kuma za su ƙarasa ba sai watan da kowanne zai fito. Ƙwan da ya fito tana da shekara 40 ya yi shekara 40 yana jira, zarurrukansa a riƙe da wani abu mai kamar danƙo, danƙon kuwa yana saki da tsufa. Shi ya sa yiwuwar take kusan ɗaya cikin 1,500 a shekara 20, ta koma kusan ɗaya cikin 350 a shekara 35, ɗaya cikin 100 a shekara 40. Duk da haka matasan mata ma suna haifa, kuma da yake su suka fi yawan haihuwa, yara da yawa masu lalurar 'ya'yansu ne.

Ina so surukai da kishiyoyi su ji wannan da kyau. Kuskuren ya auku ne kafin cikin ya shiga, ko a daidai shigarsa. Ba maganin zazzaɓin da ta sha a wata na uku ba ne, ba fitar dare ba ce, ba kallon wani abu ba ne. Cewa a ƙwanta abin ya faru ba ya mai da shi laifinta, kamar yadda furfura ba laifin mai ita ba ce. Kuma da bakin mai sayar da magani nake faɗa: babu ƙwaya, ko jiƙo, ko allurar da take cire zaren nan daga jikin yaro. Folik asid da muke ba masu ciki yana kare jariri daga tsagewar ƙashin baya, wannan amfaninsa tabbas ne, amma ba a tabbatar yana hana tirisomi ba. Iyayen da takardarsu ta ce 47 da +21, yiwuwar maimaituwa a ciki na gaba kamar ɗaya ce cikin 100, ko gwargwadon shekarun uwar idan ya fi haka, kuma ba a cika buƙatar gwada jininsu ba.

Yanzu mu ɗauki wata takardar daban. A ce mace mai shekara 24 ta yi ɓari sau biyu, a na uku ta haifi namiji, takardarsa ta fito haka: 46,XY,der(14;21)(q10;q10),+21. Mijin ya ga 46 ya yi hamdala, yana ganin likita ne ya yi kuskure. A'a, yaron yana da lalurar, kuma a ido ba za ku bambanta shi da mai 47 ba. Abin da ya faru shi ne wari na uku na lamba 21 ya manne a jikin lamba 14 suka zama zare ɗaya, kamar a ɗaure takalma biyu da igiya a ƙirga su wari guda. Ana kiran wannan tiransilokeshan, wato ƙaurar zare zuwa jikin wani. Shekarun uwa ba su da hannu a ciki.

A nan ne ya wajaba a gwada uwa da uba, su biyun. A kusan uku cikin huɗu na irin waɗannan yara, iyayen lafiya lau suke fitowa, mannewar a kan yaron ta fara, kuma da wuya ta maimaitu. A sauran kuwa ɗaya daga cikin iyayen yana ɗauke da ita. A ce takardar matar ta ce 45,XX,der(14;21)(q10;q10). Zarenta 45, amma lafiyarta ƙalau, domin babu wani abu mai muhimmanci da ya ɓace, biyu ne dai suke ɗaure. Matsalar sai an zo rabo. Zare uku ne za su rabu gida biyu: lamba 14 sakakke, lamba 21 sakakke, da ɗaurarren. Idan sakakkun biyu suka tafi tare, yaro lafiyayye ne. Idan ɗaurarren ya tafi shi kaɗai, yaro lafiyayye ne amma yana ɗauke da abin kamar uwarsa. Idan ɗaurarren ya ja lamba 21 suka tafi tare, to ga lalurar Down. Sauran rabe-raben uku duk ɓari suke zama, kuma mai yiwuwa wannan ne bayanin ɓarinta biyu.

A takarda lissafin zai ba da ɗaya cikin uku, amma a zahiri ya yi ƙasa da haka, don da yawa daga cikin masu lalurar ma suna zubewa. Idan uwa ce take ɗauke da ita, kamar 10 zuwa 15 ne cikin 100 a kowane ciki. Idan uba ne, ya ragu sosai, 'yan kaɗan ne cikin 100. Akwai wani nau'i da ba a cika gani ba, inda lamba 21 biyu ne suka manne da juna. Mai ɗauke da wannan, mace ko namiji, duk ɗan da ya haifa da rai zai zo da lalurar.

Kun ga ke nan mutumin da ya saki mace ko ya ƙaro wata saboda ta haifa masa irin wannan yaro, ba tare da an gwada shi ba, yana iya kai abin ɗakin amarya idan a jininsa yake. Haka nan 'yan'uwan wanda aka samu da ita, ciki ɗaya, suna iya ɗauke da ita, sai a gaya musu cikin sirri, musamman mu da auren zumunci bai bar mu ba.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ba shi da nisa da Sabo, daga Mokola tafiyar 'yan mintoci ce. Ku fara da sashen yara, su ne za su nuna inda za a kai jinin. Ku nemi a ba ku kwafin takardar da cikakken layin lambobin, ku riƙa zuwa da ita awon kowane ciki na gaba. Shi kuma yaron, kowace irin takarda ya samu, a yi masa hoton zuciya a makonnin farko, domin kusan rabinsu da matsalar zuciya ake haifarsu. A kuma duba ƙwayar maƙogwaronsa da gwajin jini bayan haihuwa, da wata shida, da shekara ɗaya, sannan duk shekara. Idan ta yi rauni akwai maganinta, ƙwaya ɗaya kowace safiya, wadda likita yake auna wa yaro gwargwadon nauyinsa.