Kafin Mu Ɗauki Shatar Mota Zuwa Maraɗi

Lokacin bukukuwa ya matso, kuma ƙungiyoyinmu na nan Gudel sun fara zancen shatar mota zuwa Maraɗi. Abin da ya fi kā da mu a irin wannan tafiya shi ne mu lissafa kuɗin zuwa, mu bar na dawowa sai abin da hali ya yi. Daga nan sai a taɓa asusu.

Mu ɗauki misalin mu 15 a motar Iyas, kwana 4. Daga Yamai zuwa Maraɗi kusan kilomita 660 ne, ta Dosso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. Zuwa da dawowa, da ƴan zirga-zirgar cikin gari, mu ce 1.400. Idan direba ya ce motarsa da lodi tana shan lita 12 a kowace kilomita 100, lita 168 ke nan. A watan Yulin 2024 aka saukar da litar esansi zuwa sefa 499. Idan mun lissafa a kan 500, jika 84 ne. Amma mu leƙa gidan mai mu ga farashin ranar, mu kuma tambaya ko motar gazuwal take sha, don ya fi tsada.

Sai ciniki da direba. A gaban shaidu, a rubuce: wa ke zuba mai, wa ke biyan feyaji, wa ke ciyar da shi? Abin da ba a faɗa a Gudel ba, a bakin hanya za a yi rigimarsa. A misalinmu, shata jika 30 a wuni, wato 120. Feyaji mu ware 6, mu riƙe tikiti don ana tambayarsa a gaba.

Abinci, jika guda kowane baki, mu da direba, wunin zuwa da na dawowa: 32. Idan muka yi dambu daga gida, wani abu zai ragu.

Kwanan hanya fa? Ko mun yi niyyar isa a wuni guda, taya na iya fashewa, magariba ta riske mu a Ƙonni. Tafiyar dare ba tamu ba ce. Mu ware jika 30 na masauki. Idan ba a kwana ba, a raba mana abinmu.

Jimla jika 272. Mu ƙara 28 na ko-ta-kwana, ya zama 300, kowace ta kawo jika 20.

Kafin a tashi, ma'ajiya ta ƙulle na dawowa daban: rabin kuɗin mai, jika 42, da na abinci 16, da feyajinsa. Ko an ga atamfa mai araha a babbar kasuwar Maraɗi, wannan ƙullin ba a kwance shi sai mota ta juyo Yamai.

Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya.