Karanta Shafi Na Uku Kafin Ka Sa Hannu

A ce yau kamfanin ɗab'i ya turo maka kwantiragi kan littafin da ka shekara biyu kana rubutawa a waya. Na san abin da za ka fara yi, sai ka garzaya ka ɗora a sitatus: "Alhamdulillah!" Dakata tukuna. Wata marubuciya da na sani ta samu irin wannan takarda, ta karanta, ta mayar musu ba sa hannu. Ƙawayenta suka ce ta yi wa sa'arta ƙafar ungulu. Ni kuwa ina ganin ta yi daidai.

An rubuta mata kashi 10 cikin 100. Na me? Nan gizo yake saƙa. Idan za a sayar da littafin naira 3,000, kashi goma na kuɗin da ke jikin bango naira 300 ke nan. Amma takardar cewa ta yi daga abin da ya shigo hannun kamfani za a cire. In sun yi wa dillalai ragin kashi 40, saura 1,800, nata ya koma 180. A kwafi 1,000, naira 120,000 ta salwanta saboda layi ɗaya.

Wannan ma da sauƙi, ana iya ciniki. Abin da ya tsayar da ita yana shafi na uku, inda aka ce ta sallama haƙƙin mallakarta gaba ɗaya, ba wa'adi. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, haƙƙin littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Wato har abin da jikokinta za su gada ake nema. Gobe in wani furodusan Kannywood ya so labarin, ko mai tashar YouTube zai karanta shi, ba ita za a tambaya ba.

Ta nemi gyara biyu: ta ba su izinin bugawa a takarda kawai na shekara biyar, kuma haƙƙin ya dawo mata in littafin ya ƙare a kasuwa suka ƙi sake bugawa. Suka ce haka tsarinsu yake.

Za ka ce ai su ke zuba jari, ga tsadar takarda. Gaskiya ne, shi ya sa ban ga laifinsu ba in sun ɗauki kaso mai tsoka. Amma kuɗin buga kwafi dubu bai kai farashin littafi har abada ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta hau Facebook ta yi musu tonon silili ba. Edita ta rubuta wa: "Ranka ya daɗe, na gode da lokacin da ka ba littafina. Ba zan iya amincewa da sharaɗin sallama haƙƙi ba, don haka na janye wannan. Ina kan rubuta wani, in na kammala zan so ka duba, idan akwai damar mu sake zama kan sharuɗɗan."

Ka lura, "zan so ka duba" ta ce, ba ta ce na gaba nasu ne ba. Editan ya amsa cewa ta turo in ta gama.