RA'AYINMU: Shiru Ba Yarda Ba Ne

Iyayenmu sun ba mu labari cewa a zamaninsu, idan za a ɗauki jawabin wani taro, rekoda ake ɗorawa bisa tebur a gaban kowa. Mai magana yana ganin kaset yana juyawa, saboda haka yakan auna harshensa, idan kuwa abin da zai faɗa na sirri ne sai ya ce a kashe tukuna. Yau tebur ɗin ya koma cikin waya. Tun daga watan Mayu na 2020, lokacin da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garinmu Daura, ya jagoranci taron Majalisar Zartarwa ta Tarayya na farko ta hanyar bidiyo saboda annobar korona, wannan hanya ta bi ma'aikatu da makarantu har ta iso ƙungiyoyin ɗalibai. Mu 'yan masarautar Daura da ke warwatse a Zariya da Kano da Katsina da Dutsinma, da 'yan'uwanmu da ke gida a Baure da Zango da Mai'aduwa da Sandamu, yanzu ta haka muke taruwa. Tambayarmu a wannan fitowa guda ɗaya ce: idan mai masaukin taro ya fara ɗauka, wa ya sani, kuma wa ya yarda?

Bari mu fara da yadda abin yake aiki a Zoom, tun da shi muka fi amfani da shi. Ikon ɗaukar taro yana hannun mai masauki da wanda ya naɗa mataimakinsa. Da zarar ya danna Record, abubuwa uku ne ke faruwa. Na farko, wata murya takan ce "Recording in progress" a kunnen kowa. Na biyu, sanarwa takan fito a fuskar waya tana cewa ana ɗaukar taron, kuma zama a cikinsa yana nufin an yarda, a ƙarƙashinta da zaɓi biyu: Got it, watau na ji, ko Leave Meeting, watau na fita. Na uku, wata 'yar alama ja takan tsaya a saman fuskar har sai an daina. Wanda ya shigo a makare, shi ma sanarwar za ta tarye shi. Sauran mahalarta ba su da ikon ɗauka ta cikin manhajar sai mai masauki ya buɗe wa mutum da sunansa, kuma yana iya karɓe ikon a duk lokacin da ya ga dama.

To, ina faifan yake zuwa? Wurare biyu ne. Ko dai ya sauka a kwamfutar wanda ya ɗauka, ko kuma ya tafi rumbun kamfanin, inda za a ba mai masauki adireshin da zai iya tura wa kowa. Ajiya a rumbun kamfani ta masu biyan kuɗi ce kaɗai. Ajiya a na'ura kuwa sai da kwamfuta, ba a yin ta da wayar hannu. A nan ne gizo ke saƙar. Yawancin sakatarorin ƙungiyoyinmu da waya suke kiran taro, kuma da rajistar kyauta mai yankewa bayan minti 40. Irin wannan mai masauki ba shi da halin ɗaukar taro ta cikin Zoom ko kaɗan. Abin da yakan yi shi ne ya kunna abin ɗaukar fuskar waya da ke cikin wayar tasa. Wannan kuwa Zoom ba ya shelanta shi: babu murya, babu sanarwa, babu alama ja. Haka kuma kowane mahalarci yana iya yi, ko ma ya ajiye wata waya a gefe tana naɗa. Don haka idan aka ga alama ja, lalle ana ɗauka. Idan ba a gani ba, wannan bai tabbatar da komai ba.

Mu ƙaddara wani taro irin wanda dukkanmu muka sha halarta. Mutum 20 ne suka shiga don tattauna yadda za a raba ɗan tallafin da ƙungiya ta tara wa mabukata. Sakatare yana da kwamfuta, ya danna Record tun farko don ya samu sauƙin rubuta bayanin taro. Mutum 17 sun danna Got it ba tare da sun karanta ba, domin sanarwar da Turanci take, kuma ta tsare musu fuskar waya. Mutum 2 suna can wajen Baure inda sabis ke ɗaukewa, wayoyinsu suna aljihu suna saurare kawai, muryar sanarwar ta zo daidai lokacin da layi ya tsinke. Ta ƙarshe ɗaliba ce da ta shigo bayan minti 25, ta kawar da sanarwar cikin gaggawa don an kira sunanta, sannan ta bayyana cewa mahaifinta yana kwance ba lafiya, ba ta iya biyan kuɗin rajista ba, har murya ta karye mata. Bayan kwana biyu wani ya yi ƙorafin bai samu halarta ba, sakatare da kyakkyawar niyya ya jefa faifan a zauren WhatsApp na ƙungiya mai mutum 200. Kafin mako ya zagayo, kukan yarinyar ya isa unguwarsu.

Idan aka tambayi sakataren zai ce ai kowa ya ga sanarwa, ba wanda ya fita. A wajen manhaja, gaskiya ya faɗa. Mu kuwa muna cewa bai fita ba, kuma dalilanmu uku ne.

Dalili na farko, sanarwa daban, yarda daban. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗauki muryar mutum da hotonsa a matsayin bayanansa, muddin za a iya gane shi da su. Sashe na 26 na dokar ya ɗora nauyin tabbatar da cewa an samu yarda a wuyan mai tattara bayanan, kuma ya fayyace cewa shirun mutum ko rashin motsinsa ba yarda ba ne. Bahaushe yakan ce shiru ma amsa ce, amma a nan doka ta ƙi. Mutanen nan biyu na Baure ba su ji ba, ba su gani ba, ba su danna komai ba. Gaskiya ne dokar ta san wasu hujjoji ban da yarda, kamar aikin da wata doka ta wajabta wa ma'aikata, amma wanda ya ce da yardar jama'a ya ɗauka, to sai ya nuna ta.

Dalili na biyu, zaɓin da aka bayar ba zaɓi ba ne ga kowa. Ga mai kallon lacca ta gama-gari, fita ba asara ba ce. Ga ɗalibar da ke neman tallafi, ko ƙaramin ma'aikaci da shugabansa ya kira taro, danna Leave Meeting daidai yake da rasa abin da ya kawo shi. Yardar da aka ba da wuƙa a wuya ba ta cika yarda ba. Microsoft Teams ya ɗan gyara wannan: hukumar makaranta ko ma'aikata tana iya kunna tsarin da zai rufe makirufo da kyamarar kowa da zarar an fara ɗauka, har sai ya amince a fili, wanda bai amince ba yana nan yana saurare, ba a kore shi ba. Wannan ya fi kusa da adalci, kuma ana iya kwaikwayonsa da baki ko a wace manhaja.

Dalili na uku shi ne mafi nauyi. Ko da a ce duk mutum 20 sun yarda, sun yarda ne a ɗauka don rubuta bayanin taro, ba don a watsa ba. Dokar 2023 ta ce bayanan da aka tara don wata manufa kada a juya su zuwa wadda ta saɓa mata, kada kuma a riƙe su fiye da bukata, kuma mutum yana da ikon janye yardarsa. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ma ya kare sirrin 'yan ƙasa da wasiƙunsu da maganganunsu na waya. Sanarwar manhaja tana aiki ne a cikin taro kawai. Faifan da ya sauka a kwamfuta ya zama kamar kowane bidiyo, ba mai tsaronsa sai mai shi. A watan Afrilu na 2020 jaridar Washington Post ta ba da labarin dubban faya-fayan tarurrukan Zoom da aka samu a sarari a intanet, saboda masu su sun zuba su a rumbunan da ba kulle, kuma sunayen faya-fayan iri ɗaya ne, masu sauƙin nema. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka naɗe.

Saboda haka ga abin da muke kira ga shugabannin ƙungiyoyi da wakilan azuzuwa su mayar al'ada. A takardar gayyata a rubuta ko za a ɗauki taron, don me, wa zai riƙe faifan, kuma yaushe za a goge shi. A duba cewa ba a bar Automatic recording a kunne ba, domin shi yakan fara ɗauka tun ana gaisawa. Kafin a danna komai, shugaba ya faɗa da Hausa, ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa da bakinsa ko ya rubuta, sakatare ya sa a bayanin taro. Wanda ya shigo a makare, a tsaya a gaya masa. Wanda bai yarda ba, a bar shi ya zauna da kyamara a rufe, idan zai yi magana a danna Pause. Haka kuma idan aka zo kan rashin lafiyar wani, ko bashinsa, ko ladabtar da shi, a dakatar da ɗauka ba sai an roƙa ba. Wanda bai halarta ba, rubutaccen bayani ya ishe shi. Idan an karanta bayanin a taro na gaba an amince, a goge faifan, a kuma shaida wa jama'a an goge.

Game da masu ɗauka a ɓoye kuwa, babu maɓallin da zai hana su. Abin da ke hannunmu shi ne mu sa a tsarin mulkin ƙungiyoyinmu cewa ɗaukar taro ba da izini ba laifi ne mai hukunci, kamar taɓa kuɗin ma'aji. Kowannenmu kuma ya riƙa tambaya a fili, ba tare da jin nauyi ba: "Ranka ya daɗe shugaba, ana ɗauka ne? Wa zai gani?" Shugaban da ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan tambaya ba. Gobe mu ne sakatarori da akawuna a ma'aikatun Katsina da na Tarayya, faya-fayan talakawa a hannunmu. Wanda bai iya riƙe kukan 'yar ajinsu ba yau, da wuya ya riƙe nasu.