Shigar Waya Cikin Rami Ba Shaidar Dacewa Ba Ce

Mafi tsadar kuskure wajen sayen sitiyarin wasan tsere shi ne zaton cewa duk wanda wayarsa ta shiga ramin USB zai yi aiki. Na'urar wasa takan fara tantance lasisin abin da aka jona mata, in bai dace ba ta ƙi shi.

Misali a nan shi ne Logitech G29 da G920, waɗanda suka fito a 2015. Dukansu suna juyawa digiri 900, suna da feda uku, suna kuma aiki da kwamfuta. Amma G29 na PlayStation ne, G920 kuwa na Xbox. Mai PS5 da ya sayi G920 don Gran Turismo 7 ya yi asarar kuɗinsa, domin babu saitin da zai gyara wannan.

Ko sitiyarin da ya dace yana da ƙa'ida. Ana jona feda da wayar wuta a ƙarƙashinsa, sannan a haɗa USB. A kan PS5, dole maɓallin da ke saman G29 ya kasance a PS4. Idan komai ya yi daidai, sitiyarin zai juya da kansa zuwa ƙarshen kowane ɓangare, ya dawo tsakiya. In bai motsa ba, wayar wuta ce abin zargi na farko.

Saboda haka tambarin da ke jikin kwali ya fi rantsuwar mai shago. Hakkin mai sayarwa ne ya tambayi na'urar mai saye kafin ya karɓi kuɗi.